Shin talabijin ɗina na karɓar 120Hz da gaske? Tambayoyi da amsoshi ga masu PS5, Xbox da kwamfuta

Tambayoyin nan su ne ke yawan dawowa daga bakin waɗanda suka sayi PS5, Xbox Series ko kwamfutar gem, suka jona da talabijin ko monita, sannan suka kasa gane ko hoton da suke gani ya wuce 60 a daƙiƙa. An jera su daga na farko-farko zuwa masu zurfi, da lamba, don a iya komawa daga wata amsa zuwa wata. Sunayen seti an bar su yadda za ka gan su a allo.

1. Mene ne bambancin adadin hoton da gem ke fitarwa da Hz na talabijin?

Abubuwa biyu ne da ake yawan cakuɗawa. Na farko aikin na'urar gem ne ko kwamfuta: hotuna nawa take iya zanawa cikin daƙiƙa ɗaya, wanda ake rubutawa fps. Na biyu aikin allo ne: sau nawa yake iya sabunta abin da yake nunawa cikin daƙiƙa ɗaya, wanda ake rubutawa Hz. Allon 60Hz yana canja hoto duk bayan kimanin milisakan 16.7, na 120Hz kuwa duk bayan 8.3. Wannan rabin lokacin da aka rage shi ne santsin da ido ke gani, shi ne kuma saurin amsawar da hannu ke ji a kan fad.

Idan kwamfutarka na zana hoto 200 amma allon 60Hz ne, cikakkun hotuna 60 kawai allon zai iya nunawa. Idan kuma allon 120Hz ne amma gem ɗin 60 yake bayarwa, allon zai maimaita kowane hoto sau biyu ne kawai. Tsakanin su biyun akwai abu na uku, wato hanyar da hoton ke bi: kafar da ya fita, wayar, da kafar da ya shiga. A nan ne mafi yawan matsala take, kuma a kanta ne galibin amsoshin nan suka tsaya.

2. A jikin kwalin an rubuta 120. Ba shi ke nan ba?

A'a, sai ka duba kalmar da ke gaban lambar. Kamfanonin talabijin suna da sunayen talla da suka yi kama da Hz amma ba su ba ne: Motion Rate a wajen Samsung da Hisense, TruMotion a wajen LG, Motionflow XR a wajen Sony. Talabijin mai Motion Rate 120 galibi allonsa 60Hz ne. Lambar ta ƙunshi dabarun da talabijin ke yi da kansa, kamar ƙirƙiro hoton ƙarya tsakanin hotuna biyu na gaske, ko kyafta hasken baya. Wannan na iya sa ƙwallo ta yi santsi a ido, amma ba ya nufin kafar HDMI za ta karɓi hoto 120 daga waje, kuma yana ƙara jinkiri a gem.

Abin da za ka nema a takardar bayanin talabijin shi ne native refresh rate, wato ainihin Hz na allon, sannan jadawalin siginar da kowace kafa ke karɓa. Idan ka ga layi kamar 3840×2160 120Hz ko 4K@120Hz a gaban wata kafa, to magana ta fara. Ka nemi takardar da cikakkiyar lambar samfurin da ke manne a bayan talabijin, domin sunan jeri ɗaya yakan ƙunshi allo daban-daban: a wasu jeri, mai inci 43 da 50 allon 60Hz ne, manyan kuwa 120Hz.

3. Nawa an rubuta 100Hz ne, ga shi wutarmu 50Hz ce. Zai yi 120?

Wutar bango ba ta da hannu a wannan. Gaskiya ne wutar Najeriya, Nijar da Ghana 50Hz ce kamar ta Turai, amma talabijin na zamani yana mayar da wutar zuwa wadda ba ta kai-komo kafin ya yi aiki da ita, allon kuma agogon kansa yake bi. Lambar 100 ta samo asali ne daga tsarin watsa shirye-shiryen Turai mai 50, aka ninka. Talabijin ɗin gwanjo da ya fito daga Turai mai rubutun 100Hz na gaskiya yawanci allonsa 100/120Hz ne, mai rubutun 50Hz kuma 50/60Hz.

Sai dai allo ya iya 120 daban, kafa ta karɓi 120 daban. Akwai tsofaffin talabijin da allonsu na 100/120Hz ne don santsin fim kawai, kafafunsu kuwa ba sa karɓar fiye da 60. Don haka ka bi gwajin da ke tambaya ta 7 ko ta 8 kafin ka yanke hukunci.

4. Dole ne sai da HDMI 2.1 ake samun 120Hz?

Ba dole ba ne, kuma rashin sanin haka ya sa mutane da yawa sayen abin da ba sa buƙata. Abin da ke yanke hukunci shi ne yawan bayanan da za su bi ta wayar a daƙiƙa. HDMI 1.4 na 2009 yana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, HDMI 2.0 na 2013 yana ɗaukar 18, HDMI 2.1 na 2017 kuma har 48. Daga cikin 18 na 2.0, 14.4 ne kawai ke zuwa ga hoton kansa, sauran na tsarin aikawa ne. Lissafin da za ka yi da kanka shi ne ka ninka faɗi da tsayi da Hz da adadin bit na kowane fiksel, wanda yake 24 a hoto na yau da kullum, 30 a HDR:

```
1920 × 1080 × 120 × 24 ≈  6.0 Gbps
2560 × 1440 × 120 × 24 ≈ 10.6 Gbps
3840 × 2160 × 120 × 24 ≈ 23.9 Gbps
3840 × 2160 × 120 × 30 ≈ 29.9 Gbps
```

Ainihin abin da ake aikawa ya ɗan fi haka saboda tazarar da ake bari tsakanin layuka, amma lissafin ya isa ya nuna inda iyaka take. Layi na farko da na biyu sun shige cikin 14.4, don haka 1080p da 1440p a 120Hz suna bi ta HDMI 2.0 lafiya lau. Layi na uku da na huɗu sun fi ƙarfinsa. Ke nan 4K a 120Hz da cikakken launi ne kaɗai ke tilasta HDMI 2.1. Mai monita 1440p da ke karɓar 120Hz ta HDMI 2.0 bai rasa komai ba ta fuskar santsi, kuma a ganina ya fi mai babban talabijin 4K da ya tsaya a 60 morewa a gem ɗin harbi.

5. An rubuta HDMI 2.1 a jikin kafar, amma 4K 120 ya ƙi fitowa. Yaya aka yi?

Lambar 2.1 ita kaɗai ba alkawari ba ce. Bayan fitowar 2.1, masu ba da lasisin HDMI sun daina amfani da 2.0 a matsayin suna mai zaman kansa, suka shigar da abubuwansa cikin 2.1, sababbin abubuwan kuma duk na zaɓi ne. Sakamakon haka, kafa mai gigabit 18 kacal na iya ɗaukar sunan 2.1 ba tare da ta karya doka ba. Wani talabijin ma don yana da eARC, mai mayar da sauti zuwa sifika, ko ALLM, mai kunna Game Mode da kansa, kawai ake rubuta masa 2.1.

Abin da ke kawo saurin shi ne sabon tsarin aikawa da ake kira FRL, wanda ke da matakai: 24, 32, 40 da 48 su ne waɗanda suka wuce na da. Don haka ka nemi ɗayan abu biyu a takarda: ko a rubuta 4K 120Hz ƙarara, ko a rubuta adadin gigabit. Kuma kada 40 ya dame ka. LG CX da C1 kafafunsu 40 ne ba 48 ba, kuma 40 ya isa 4K 120Hz da cikakken launi mai bit 10, wato 30 a kowane fiksel. Xbox Series X ma 40 yake fitarwa. PS5 kuwa 32 yake fitarwa, shi ya sa a 4K 120Hz yake rage bayanan launi zuwa YUV422. Idan ka ga wannan rubutu a allon bayanin PS5, ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi, kuma a cikin gem da wuya idonka ya kama bambancin.

6. Duk kafafun HDMI na talabijin ɗaya ne?

Sau da yawa ba ɗaya ba ne, kuma wannan ne kuskuren da ya fi kowane sauƙin gyara. LG C1 da C2 duk kafafunsu huɗu suna karɓar 4K 120Hz. Amma talabijin da yawa biyu kawai ke yi. A Sony X90J da A80J, kafa ta 3 da ta 4 ne, kuma ta 3 ita ce ta eARC, wadda sifikar sawunba ke buƙata. Mai sawunba da na'urar gem biyu sai ya ga kafa ɗaya ta rage masa. Ka haska bayan talabijin da tocilan ka karanta ƙaramin rubutun da ke gefen kowace kafa: wasu na rubuta 4K 120Hz, wasu na zana hoton fad.

Bayan ka sami kafar, akwai seti na biyu da ke ɓoye. Talabijin da yawa suna zuwa da kafafunsu a tsohon yanayi don su dace da tsofaffin dikoda, sai ka buɗe cikakken saurin da hannunka, kafa-kafa. A Samsung sunansa Input Signal Plus. A LG, HDMI Ultra HD Deep Colour ko HDMI Deep Colour. A Sony, HDMI signal format, ka zaɓi Enhanced format. A Hisense, HDMI Format, ka zaɓi Enhanced. Muddin wannan a kashe yake, talabijin zai gaya wa na'urarka cewa shi ƙaramin abu ne, ita kuma ta yarda. Ka kunna Game Mode ma a kan kafar. Bayan ka canja, kashe na'urar gem ka sake kunnawa don su sake gaisawa.

7. Ta yaya zan tabbatar a PS5?

Shiga Settings > Screen and Video > Video Output. Ka tabbata 120 Hz Output yana kan Automatic. Sannan buɗe Video Output Information: sashen sama yana nuna siginar da ke fita a yanzu, na ƙasa yana nuna abin da talabijin ɗin ya ce yana karɓa. Daga nan je Settings > Saved Data and Game/App Settings > Game Presets, ka sa Performance Mode or Resolution Mode a kan Performance Mode. Wasu gem suna da makunninsu na ciki ma. A Fortnite sunansa 120 FPS Mode, kuma ba ya kunnuwa sai sauran sharuɗɗan sun cika.

Ga abin da ke ruɗa mutane: babban shafin PS5 a 60Hz yake tafiya kullum. Na'urar ba ta komawa 120Hz sai gem mai goyon bayansa ya buɗe. Don haka idan ka duba Video Output Information ba gem a buɗe ka ga 60Hz, wannan bai nuna komai ba. Buɗe gem ɗin, ka bar shi yana gudana, sannan ka koma ka duba, ko ka danna maɓallin bayani a rimot. Za ka lura allo ya yi baƙi na daƙiƙa ɗaya ko biyu lokacin da gem ke buɗewa. Wannan alama ce mai kyau, siginar ce ke sauyawa.

Masu monita 1440p su sani cewa PS5 bai fara goyon bayan 1440p ba sai a sabuntawar Satumba 2022. Akwai Test 1440p Output a shafin nan da zai gwada maka 60Hz da 120Hz. Na'urar da ta daɗe ba a jona ta da intanet ba, sai an sabunta ta tukuna.

8. A Xbox fa?

Xbox ya fi sauƙin tambaya. Shiga Settings > General > TV & display options > 4K TV details. Zai kawo jerin abubuwa da koren maki ko jan alama a gaban kowanne, har da ko talabijin na karɓar 4K a 120Hz. Idan jan ne, koma tambaya ta 6 kafin ka zargi talabijin, domin jerin yana nuna abin da kafar da kake ciki ta faɗa ne, da setin da take kai a lokacin. Idan kore ne, koma baya ka sa Refresh rate a 120 Hz.

Tarkon Xbox kishiyar na PS5 ne. Da zarar ka zaɓi 120 Hz, siginar tana zama 120Hz ko'ina, har a shafin farko, har a gem ɗin da hoto 30 yake bayarwa. Talabijin ya rubuta 120Hz bai tabbatar da gem ɗin na zana 120 ba, sai ka duba setin gem ɗin kansa (duba tambaya ta 12). Masu Series S kuma su lura: wayar da ke cikin kwalinsa High Speed ce, ba Ultra High Speed irin ta Series X ba. Ta isa 1080p da 1440p a 120Hz, amma kada ka dogara da ita wajen 4K 120Hz.

9. Na sayi monita 144Hz na jona da kwamfuta, ban ga bambanci ba.

Kafin komai, duba ko Windows ya bar ta a 60, domin yakan yi haka. A Windows 11: Settings > System > Display > Advanced display > Choose a refresh rate. Akwai masu yin wata shida suna yabon santsin monitarsu alhali tana 60Hz. Idan ka zaɓi mafi girma, motsa linzami a da'ira. Bambancin ba ya ɓuya. Don ƙarin tabbaci buɗe testufo.com a burauza, zai rubuta adadin da allon ke yi. A Linux mai X11, umarnin `xrandr` yana jera duk yanayin da allon ya bayyana, da tauraro a gaban wanda ake kai.

Idan babbar lambar ba ta cikin jerin, bi waɗannan. Ka tabbata wayar na jikin katin girafik ne, ba kafar madabod da ke sama ba. Ka san ƙarfin katin: NVIDIA ta fara HDMI 2.1 daga jerin RTX 30, AMD daga RX 6000, dukansu a 2020, don haka GTX 1650 ko RTX 2060 ba za su ba ka cikakken 4K 120Hz ta HDMI ba ko wace waya ka saya. A NVIDIA Control Panel > Change resolution akwai jeri biyu, ɗaya mai suna Ultra HD, HD, SD, ɗaya kuma PC. Sau da yawa manyan lambobin a ƙarƙashin PC suke. Idan monitar na da DisplayPort, gwada shi, domin monita da yawa ta nan kaɗai suke ba da cikakken saurinsu. DisplayPort 1.2 ya isa 1440p a 144Hz, 1.4 kuma ya isa 4K a 120Hz mai bit 8, ya wuce haka da matse bayanai na DSC.

Laftof na da nata rigimar. Kafar HDMI ɗinta na iya zama tsohuwa ko da katin ciki sabo ne, kuma ba kowace kafar USB-C ke fitar da hoto ba. Ƙananan adafta masu kafa da yawa galibi suna tsayawa a 4K 30Hz ko 60Hz.

10. Monitata na yin 144Hz da kwamfuta. Me ya sa PS5 ya tsaya a 60?

PS5 da Xbox ba su da DisplayPort, HDMI kaɗai suke da shi, kuma iyakarsu 120Hz. Idan 144 ɗin da kake samu ta DisplayPort ne, kafar HDMI ta monitar na iya zama mai ƙaramin ƙarfi. Ko da tana da ƙarfin, akwai sharaɗi na biyu. Kowane allo yana ɗauke da ɗan jerin yanayin da yake karɓa, ana kiransa EDID, kuma na'ura na karanta shi da zarar an jona. Kwamfuta tana iya ɗaukar kowace lamba a jerin, na'urar gem kuwa 120 take nema daidai. Monitar da ta jera 60 da 144 ba 120 a tsakani, za a mayar da ita 60.

Gwajin mai sauƙi ne: jona kwamfutar da monitar ta wannan kafar HDMI ɗin, ka duba ko 120 na cikin jerin Windows a 1920×1080 ko 2560×1440. Idan babu, kada ka sa rai. Wayar da ke da HDMI a kai ɗaya da DisplayPort a ɗayan kuma ba za ta cece ka ba: irin waɗannan daga DisplayPort zuwa HDMI suke aiki, ba akasin haka ba. Akasin na buƙatar adafta mai wuta, yawancinsu kuma ba sa kai 120Hz.

11. Wace waya zan saya, kuma ta yaya zan gane wayar ce ke da laifi?

Idan PS5 ko Series X gare ka, wayar cikin kwali ta isa, kada ka canja ta sai da dalili. Waya ba ta da lambar 2.0 ko 2.1 a hukumance, suna take da shi: Premium High Speed ita ce ta gigabit 18, Ultra High Speed ita ce ta 48. Ta gaskiya tana da tambari mai ƙyalli da lambar QR a jikin kwali, wanda ake dubawa da manhajar HDMI Cable Certification. Rubutun 8K a jikin leda, kaurin waya da kai mai ruwan zinare, kowa na iya yin su. Tsawo ma na da tasiri: har mita 2 ko 3 wayar tagulla ba ta cika ba da matsala ba, daga kusan mita 5 kuwa gara wayar faiba mai kai biyu daban, ɗaya an rubuta Source ɗaya Display. Idan ka juya ta, hoto ba zai zo ba sam.

Waya mai rauni ba ta sa hoto ya dusashe kamar eriya ta da. Alamunta su ne allo ya ɗauke na daƙiƙa biyu ya dawo a tsakiyar wasa, ƙananan fararen ɗigo masu walƙiya, layuka masu launi, ko rubutun No Signal da zarar an koma 120Hz. Abin da ke tabbatar da zargin shi ne ka rage nauyin: sauka zuwa 1080p 120Hz, ko a PS5 ka sa 4K Video Transfer Rate a -1 ko -2. Idan ɗaukewar ta tsaya, wayar ce ko kanta bai zauna daidai ba. Kada ka cakuɗa wannan da baƙin allo na lokacin buɗe gem da aka yi bayani a tambaya ta 7, wanda sau ɗaya yake zuwa.

12. Komai ya nuna 120Hz, amma gem ɗin yana nan yadda yake.

Wataƙila gem ɗin ne ba ya yi. Ba kowane gem na PS5 ko Xbox ke da yanayin 120 ba, waɗanda ke da shi ma tsiraru ne idan aka kwatanta da duka. Fortnite da jerin Call of Duty na zamanin nan suna da shi. FIFA 23 da EA Sports FC 24 kuwa a 60 ake buga su a na'urar gem, don haka mai shagon gem da ƙwallo ce kasuwarsa ba shi da dalilin ƙara kuɗi a kan talabijin 120Hz saboda ita. A PS5 ka kuma duba ko sigar PS4 ta gem ɗin ka sauke, domin 120 yawanci a sigar PS5 yake.

Don ganin ainihin adadin, yi amfani da ma'aunin talabijin. A Samsung na 2021 zuwa sama, danne maɓallin Play/Pause ka riƙe, Game Bar zai fito. A LG akwai Game Optimizer. Amma lambar da suke nunawa tana bin gem ɗin ne kawai idan VRR, da za a yi bayaninsa a tambaya ta 13, a kunne yake. In ba haka ba, siginar suke ƙirgawa, sai ka ga 120 ko 119 tsaye cak.

13. Mene ne VRR, kuma ina buƙatarsa?

VRR yana sa allo ya jira hoto ya kammala kafin ya nuna shi, maimakon ya bi agogo tsayayye. Amfaninsa a 120 babba ne, domin gem kaɗan ne ke riƙe 120 ba sauka. A wurin hayaniya sukan faɗo 90 ko 100, kuma ba tare da VRR ba za ka ga hoto na yagewa ko yana tuntuɓe. PS5 ya sami VRR a Afrilu 2022, kuma nau'in da ke cikin ƙa'idar HDMI 2.1 kawai yake ganewa, daga 48 zuwa 120Hz. Xbox yana gane wannan, yana kuma gane FreeSync ta HDMI. Shi ya sa monita mai tambarin FreeSync kan ba Xbox VRR ta hana PS5. Rashin VRR ba ya hana 120Hz, abubuwa biyu ne daban.

14. Akwai sawunba ko na'urar raba hoto a tsakani. Da matsala?

Duk abin da hoto ya ratsa, ƙarfinsa ne zai zama iyakar kowa. Sawunba, amfilifaya, akwatin sauya kafa, na'urar raba hoto zuwa talabijin biyu, katin ɗaukar bidiyo, kowanne yana miƙa nasa EDID, kuma yawancin masu araha 4K 60Hz ne iyakarsu. Na'urar raba hoto takan ma bi mafi rauni cikin talabijin ɗin da aka jona mata.

A ce ga PS5 an jona shi da sawunba, sawunba da kafar eARC ta talabijin mai 4K 120Hz a kafa ta 3 da ta 4. Fortnite ya ƙi kunna 120 FPS Mode. Mataki na farko, cire sawunba, kai wayar PS5 kai tsaye kafa ta 4. Har yanzu ya ƙi. Na biyu, shiga setin talabijin ka ga kafa ta 4 tana kan Standard. Mayar da ita Enhanced, kashe PS5 ka kunna. Yanzu makunnin ya kunnu, rimot ya nuna 3840×2160 a 120Hz. Na uku, mayar da sawunba tsakani don gwaji: ya koma 60. Ke nan laifi biyu ne a jere, shi ya sa gyara ɗaya bai nuna komai ba. Maganin dindindin shi ne PS5 ya zauna a kafa ta 4, sawunba a ta 3, sauti ya dawo mata daga talabijin ta eARC. Da a ce an fara da sayen sabuwar waya, da kuɗi sun tafi matsala na nan.

15. Zan sayi talabijin na hannu a kasuwa. Me zan gwada kafin in biya?

Tafi da na'urarka, wayarta ta asali, da gem mai 120 da ka riga ka sauke, ka roƙi mai shago ya ba ka minti goma da soket. Xbox ya fi dacewa da wannan saboda shafin 4K TV details. Ka gwada kafar da aka ce ita ce mai saurin, ka buɗe setin tambaya ta 6, ka bar gem ɗin ya yi minti biyar kana kallon ko allo zai ɗauke. Idan mai shago ya ce ai an rubuta a kwali, nuna masa kalmar da ke gaban lambar.

Ka lura da wani nau'i da ya yaɗu a talabijin masu matsakaicin farashi: allon 4K 60Hz da ke karɓar 120Hz ta hanyar kunna layuka biyu-biyu a tare, wanda ake rubutawa DLG. Santsin na gaske ne, amma tsinin hoto daga sama zuwa ƙasa ya ragu da rabi, kuma galibi sai ka sauka 1080p ko 1440p. Ba laifi ba ne idan farashinsa na 60Hz ne. Akwai kuma talabijin da ke karɓar siginar 120Hz amma ya zubar da rabin hotunan a ɓoye. Wayar salula mai ɗaukar bidiyo a 240 za ta tona shi: ɗauki abu mai motsi a allon, sannan ka bi bidiyon hoto-hoto. Idan abin yana matsawa duk bayan hoto biyu, 120 ne na gaske. Idan sai bayan huɗu, 60 ne.